Mota tana jan kik da nauyi, daga baya sai ƙara kawai: batir ne ko kik?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giyar otomatik, batirin da ke cikinta ya haura shekara biyu. Makonnin nan idan na murɗa makulli tana juyawa da nauyi, musamman da safe, yau kuma sai ƙas-ƙas kawai nake ji, injin ba ya motsi. Wani ya ce batir ne, wani ya ce kik ne ya mutu. Yaya zan tantance kafin in kashe kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan aka tilasta mini in zaɓi ɗaya ba tare da na ga motar ba, batir zan fara zargi, domin rauni da yake ƙaruwa a hankali, ya fi tsananta da safe, a kan batirin da ya ci zafin bazara biyu, halin batir ne fiye da halin kik. Amma ba na so ka sayi komai a kan zargi, saboda akwai mai laifi na uku da masu ba ka shawara ba su ambata ba, wato kawunan batir da manyan wayoyin da ke ɗaukar wuta zuwa kik, kuma shi wannan yana iya kwaikwayon kowanne daga cikin biyun har ya ruɗi wanda ya daɗe a sana'a. Abin da yake raba gardama shi ne a ga yadda wutar batir take a daidai lokacin da aka murɗa makulli, ba lokacin da mota take zaune ba.

Dalilin haka yana cikin irin aikin da kik yake yi. Babu wani abu a mota da yake jan wuta kamarsa. Idan aka auna da amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da abu yake ja, fitilun gaba guda biyu ba su wuce amfiya goma ba, rediyo da hon ƙasa da haka suke ci, amma kik na injin fetur mai silinda huɗu irin naka yana jan amfiya ɗari zuwa ɗari da hamsin yayin da yake juya injin, a farkon motsi kuwa ya fi haka na ɗan ƙiftawar ido. Saboda haka batirin da ya kusa mutuwa yana iya kunna fitila da rediyo, ya busa hon da ƙarfi, amma ya durƙushe da zarar kik ya nemi nasa rabon. Duk wanda ya danna hon ya ce maka batirinka lafiya lau yake, bai gwada komai ba tukuna.

A jikin kik akwai wani ƙaramin sashe da ake kira solonoid, wanda yake yin aiki biyu a lokaci guda. Idan ka murɗa makulli, wata siririyar waya takan kai masa wuta kaɗan, ya zama maganaɗisu, ya tura ƙaramin haƙorin kik ya shiga cikin haƙoran filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin, sannan a ƙarshen tafiyarsa ya haɗa wasu tagulla guda biyu waɗanda babbar wuta take bi ta shiga motar kik ɗin. Ƙarar da kake ji ta wannan sashe ce, kuma irin ƙarar tana da ma'ana, don haka ka saurare ta da kyau, in da hali wani ya murɗa maka makulli kai kana tsaye gaban mota da bonet a buɗe.

Idan ƙarar mai yawa ce a jere, da sauri kamar ana kaɗa wani abu, to wuta ce ba ta isa. Abin da yake faruwa shi ne solonoid ya samu ƙarfin da zai haɗa tagullar, motar kik ta zuƙe ɗan abin da yake akwai, wuta ta faɗi ƙasa da abin da zai riƙe solonoid, ya saki, wutar ta ɗan farfaɗo, ya sake kamawa, haka ya yi ta maimaitawa sau da yawa a daƙiƙa guda. Sau da yawa za ka ga fitilun dashbod suna ƙyafƙyafta tare da ƙarar. Wannan alama ba ta nuna kik ya lalace. Tana ma nuna solonoid yana da rai, yunwa kawai yake ji, ko dai daga batir ko daga hanyar da wutar take bi. Idan kuwa ƙara ɗaya ce mai ƙarfi, ƙas, sannan shiru har sai ka saki makulli, to solonoid ya kama kuma ya riƙe, amma motar kik ba ta juya ba. A nan zargi yakan koma kan kik, ko da yake ba a yanke hukunci da kunne kaɗai.

Gwaji na biyu ba ya buƙatar kayan aiki. Ka kunna fitilun gaba, ka fuskantar da su bango ko ka sa wani ya tsaya yana kallo, sannan ka murɗa makulli. Idan hasken ya dusashe ƙwarai ko ya ɗauke gaba ɗaya, to wuta ta faɗi, kuma mafi yawan lokuta batir ne ko kawunansa. Idan hasken bai ko girgiza ba alhali injin bai motsa ba, to babbar wuta ba ta shiga kik ba sam, wato batir ba a ma tambaye shi komai ba, sai a nemi matsalar a kik ko a hanyarsa. Wannan gwaji yana da amfani a bakin hanya, amma yana da iyaka guda biyu. Kik da ya cije a ciki yana iya zuƙe wuta har fitila ta dusashe ko da batir sabo ne, sannan wayar da ta saki a jikin injin tana iya barin fitila da haskenta alhali kik ba shi da laifi. Zan dawo kan duka biyun.

Kafin ka ɗauko mita, ka sa hannu a kawunan batir. Ka kama kowanne ka gwada murɗa shi. Kan batir da yake juyawa da ƙarfin hannu ba a ɗaure yake ba, komai kyawunsa a ido. Ka duba ko akwai farin gari ko kore-kore da ya taru a kansu. Bayan an gwada kik na ƴan daƙiƙu, ka taɓa su a hankali, domin duk mahaɗin da ya yi zafi shi ne yake tare wuta. Abin da na fi gani a motocinmu shi ne kan batir da ya buɗe, aka cusa masa ƙusa ko guntun waya ko aka buga shi da dutse don ya kama. Irin wannan dabara tana fitar da mutum daga daji, amma wurin da ƙarfe yake taɓa ƙarfe ya zama ɗan ƙarami, kuma amfiya ɗari da hamsin ba za ta wuce ta bakin ƙusa ba tare da asara ba. Idan ka samu haka, ka kwance kan mai alamar − tukuna, sannan mai alamar +, ka wanke garin da ruwan zafi, ka goge sandar batir da cikin kan da sanfefa har su yi ƙyalli, ka mayar da + kafin −, ka ɗaure da sifana. Motoci da yawa a nan maganarsu take ƙarewa.

Yanzu sai mita. Ƙaramar mitar dijital da masu gyaran rediyo da masu sola suke amfani da ita ta wadatar, kuma kuɗinta bai wuce kaso kaɗan na kuɗin batir ba. Ka juya ta zuwa DCV 20, ka ɗora jan tsinke a kan sandar + da baƙin a kan sandar −, a kan dalmar batir ɗin kanta, ba a kan maɗaurin waya ba. Ya kamata motar ta kasance ta huta na wasu awanni, domin batirin da aka sauke daga caji ko daga tafiya yakan nuna lamba sama da gaskiyarsa. Batir yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, don haka cikakken batir yana nuna 12.6 ko sama kaɗan. Idan ka ga 12.4 ya ragu da kusan kwata, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa saura kaɗan ya ƙare. Mutane da yawa suna ganin 12.0 su ce ai batir mai bolt sha biyu ne, ya cika, alhali wannan batir ne da ya kusa zama fanko. Idan kuma ka ga lamba wajen 10.5 ko bayan an yi caji, to ɗaki ɗaya ya mutu, kuma babu cajin da zai dawo da shi.

Sai dai wannan lamba tana faɗa maka yawan cajin da ke ciki ne kawai, ba ta faɗa maka ko batir yana da ƙarfin bayar da shi ba. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 yana zaune, ya rushe da zarar an ɗora masa kaya. Don haka ka bar tsinken mita a inda suke, giya tana P, burkin hannu a ja, wani ya murɗa makulli ya riƙe na daƙiƙa biyar, kai kuma idonka a kan lamba. Lafiyayyen batir da lafiyayyen kik za su sauko wajen 10 zuwa 11 yayin da injin yake juyawa, kuma ƙa'idar da masu gyara suke bi ita ce kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Daga wannan karatu guda hanya take rabuwa.

Idan lambar ta faɗi zuwa 8 ko 7 ko ƙasa, to ko batir ba shi da ƙarfi, ko kuma wani abu yana jan wuta fiye da kima. Hanya mafi sauƙi ta rabewa ita ce a kawo wutar da aka tabbatar da lafiyarta, wato a jona da wata mota ko a ɗora wani batir mai kyau. A wajen jonawa, jar waya daga + zuwa +, baƙar kuma daga − na motar mai lafiya zuwa wani ƙarfe mara fenti a jikin injin motarka, nesa kaɗan da batir, saboda batir yana fitar da iskar da take kamawa da tartsatsi. A bar motar mai lafiya tana aiki na minti biyar kafin a gwada. Idan injinka ya juya da sauri kamar yadda ka san shi, kik ya wanke kansa, magana ta koma kan batir. Amma ka lura da wayar jonawar, domin siraran wayoyin nan masu araha, waɗanda roba ta fi tagulla yawa a cikinsu, ba sa iya ɗaukar wutar kik, kuma sun sa an yanke wa kik da yawa hukuncin da bai cancanta ba. Idan wayar ta yi zafi a hannunka, gwajin bai inganta ba, gara a ciro batirin a ɗora shi kai tsaye.

Idan an ɗora batir mai kyau, kawuna a ɗaure, amma har yanzu injin yana juyawa da ƙyar, lamba tana faɗuwa ƙasa da 9.6, manyan wayoyi suna ɗumi, to wannan shi ne kik mai jan ƙafa. Yawanci bushin ko boris da suke riƙe sandar cikinsa ne suka cinye har abin da yake juyawa ya fara gogar jikin gidansa, ko kuma naɗin wayar ciki ya ƙone ya haɗe. Irin wannan kik yana cin wuta ninki, yana ba da ƙarfi kaɗan. Yana da wata alama da take bambanta shi da batir: ya fi nauyi idan injin ya yi zafi. Mota ta tashi lafiya da asuba, ka yi tafiya, ka tsaya shan mai, ka murɗa makulli ta yi nauyi, bayan rabin awa ta huce ta tashi, wannan ba halin batir ba ne, domin batir bayan tafiya yake fi ƙarfi. Raunin batir da sanyin safiya yake bayyana, lokacin da man injin ya yi kauri kuma sinadarin cikin batir ya yi sanyin aiki. Shi ya sa a ƙasarmu zafin Maris da Afrilu ne yake cinye batir ta hanyar ƙafar da ruwansa da cin farantansa, amma sai sanyin hunturu ya zo asirin yake tonuwa. Mai gyaran wuta da yake da mitar da ake maƙalawa a jikin waya zai iya tabbatarwa, domin idan ƙaramin injin fetur yana jan amfiya ɗari biyu da hamsin ko fiye kuma yana juyawa a hankali, ba batir ne mai laifi ba.

A nan dole in yi gargaɗi guda, ko da yake ba kasafai ake gamuwa da shi ba. Injin da ya cije, ko wanda ruwa ya shiga silindarsa bayan an ratsa ambaliya, ko altaneta ko kwamfuresar esi da ta ƙafe ta riƙe bel, duk suna ba da wannan alama ta ƙara ɗaya da faɗuwar wuta. Kafin a kwance kik, makaniki ya sa sifana a notin fulin ƙasa ya ga ko injin yana juyawa da hannu. Idan ba ya juyawa, a daina murɗa makulli nan take.

Ɗaya hanyar kuma ita ce lambar ta ƙi faɗuwa. Ka murɗa makulli, ka ji ƙas, mita tana nan a 12.2 ko 12.0 ba ta damu ba. Wannan yana nufin batir yana da abin bayarwa amma ba a karɓa ba, kuma a nan ne ake yawan gaggawar kwance kik alhali saura gwaji guda, wanda a ganina shi ne mafi daraja a duk wannan aiki, wato auna asarar wuta a kan waya. Ana ɗora tsinke ɗaya a kan sandar + ta batir, ɗayan a kan babban notin da wayar ta sauka a jikin kik, sannan a murɗa makulli. Tunda waya ɗaya ce, abin da mita za ta nuna shi ne abin da ya ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Sannan a yi haka a ɗaya ɓangaren, tsinke ɗaya a kan sandar −, ɗayan a kan ƙarfen jikin kik ko jikin injin, inda ake son ganin 0.2 zuwa 0.3. Sharaɗin shi ne a karanta lambar lokacin da makulli yake a murɗe, domin waya da ta rage silli biyu kacal za ta nuna lafiya idan ba a ɗora mata kaya ba.

Bari in ba ka misali da wata Corolla irin taka da aka kawo mini, wadda mai ita ya riga ya sayi sabon batir bai ga canji ba, aka kuma ce masa ya nemo kik. Tana juyawa da nauyi, wani lokaci ƙara kawai. Batir yana zaune ya nuna 12.5. Da aka murɗa makulli ya sauko 11.6 kawai, fitilun gaba kuma ba su dusashe sosai ba, wanda duk mai saurin hukunci zai ce kik ne. Na auna ɓangaren +, asarar ba ta kai 0.3 ba, wato wannan waya ba ta da laifi. Da na koma ɓangaren −, daga sandar batir zuwa jikin injin, sai mita ta nuna sama da bolt 4. Ma'anarsa kik yana samun kimanin bolt 7 ne kawai daga cikin abin da batir yake bayarwa, sauran yana ƙonewa a wani mahaɗi. Da muka bi wayar sai muka tarar notin da ya ɗaure ta a jikin giyabos a sake yake, ƙarƙashinsa duk tsatsa da baƙin mai. An taɓa sauke giyar a wani gyara, ba a ɗaure shi da kyau ba. Fitilu ba su nuna komai ba saboda su ta jikin bodi wutarsu take komawa, kuma wannan reshe lafiyarsa ƙalau. Aka goge wurin har ƙarfe ya fito, aka ɗaure, asarar ta dawo 0.2, injin ya juya da sauri da tsohon kik ɗinsa. Akwai hanyar gane wannan ko babu mita: a ɗauki baƙar wayar jonawa mai kauri, a haɗa sandar − da ƙarfen injin kai tsaye, idan mota ta tashi to an kama mai laifi. Kuma ba matsala ce da za a bari ba, domin wutar da ta rasa hanyarta takan nemi wata, ta bi ta kebul ɗin giya ko ƙananan wayoyi ta ƙona su.

Idan duka ɓangarorin biyu sun fita lafiya, cikakkiyar wuta tana isa babban notin kik, siririyar wayar solonoid ma tana samun wuta idan an murɗa makulli, amma ƙara ɗaya kawai ake ji, to yanzu ne kik ya tabbata mai laifi. A motocin Toyota masu kik ƙirar Denso, abin da ya fi yawa shi ne tagullar nan biyu na cikin solonoid sun cinye saboda tartsatsin shekaru. Alamarsu sananniya ce: ka murɗa ka ji ƙas, ka sake, ka sake, a karo na uku ko na biyar ta kama ta juya da cikakken ƙarfi kamar babu abin da ya faru. Batir mai rauni ba ya yin haka, domin shi kowane gwaji ƙara rage masa ƙarfi yake yi, na biyu ya fi na farko muni. Ɗaya abin shi ne buroshin kabon da suka gajarce har ba sa taɓa inda ya kamata. Su ne dalilin da ya sa idan aka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar sifana yayin da wani yake murɗa makulli, mota takan tashi. Idan ƙwanƙwasawa ta tayar da ita, shaida ce mai ƙarfi a kan kik, amma a yi ta a hankali, saboda kik da yawa na zamani suna da maganaɗisu a ciki wanda guduma take fasawa, sannan dabara ce ta kai mota gareji, ba gyara ba. Duka tagullar da buroshin ana canza su a kan kuɗi kaɗan, kuma ni na fi son a gyara kik na asali da ya zo da mota a kan a musanya shi da sabo mara inganci ko na gwanjo da ba a san tarihinsa ba, matuƙar naɗin cikinsa bai ƙone ba.

Akwai wasu gwaje-gwaje da suka yaɗu waɗanda ba na so ka dogara da su. Taka otomatik ce, ba a tura ta, amma ko a mota mai giyar hannu, tashi da turi ba ya nuna kik ne ya lalace, domin turi yana tsallake kik ne gaba ɗaya, kuma motar da batirinta ya yi rauni ma za ta tashi da shi muddin akwai ɗan abin da zai kunna famfon mai da fulogi. Haka nan gwada kik a ƙasa bayan an kwance shi, a jona masa batir a ga yana juyawa, ba ya wanke shi, saboda juyawa ba tare da nauyin injin ba abu ne da ko kik mai jan ƙafa yake iyawa. Gwajin da na fi ƙi shi ne haɗa kawunan batir da guntun waya don a ga ƙarfin tartsatsi. Ba ya auna komai, kuma batir yana fashewa ta haka ya watsa asid a fuska. Kada kuma ka yi ta riƙe makulli, daƙiƙa goma sun isa, sannan a bar kik ya huce kafin a sake, domin murɗa kik da raunanniyar wuta yana ƙona tagullar solonoid, har matsalar da ta fara a batir ta ƙare da lalata kik ɗin ma.

Idan bincike ya tsaya a kan batir, saura tambaya guda kafin ka biya kuɗin sabo: mutuwa ya yi, ko kuwa ba a ciyar da shi ne? Bayan mota ta tashi, ka auna a kan sandunan batir injin yana aiki. Altaneta mai lafiya tana ba da 13.8 zuwa 14.5, kuma ya kamata lambar ta tsaya sama da 13.5 ko ka kunna fitilu da esi ka ɗan taka totur. Idan tana nan a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji, ko bel ya saki, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya kwanta. Idan ta haura 15, tana dafa batir ne, za ka ga ruwansa yana saurin ƙafewa ko jikinsa ya kumbura. Kada ka yarda a cire kan batir injin yana aiki don a gwada altaneta, domin a mota mai kwamfuta irin taka hakan yana iya ƙona kayan lantarki masu tsada. Idan caji lafiya yake amma batir yana wayar gari a ƙasa, a duba abin da yake shan wuta da dare, musamman rediyo ko amfilifaya ko na'urar tsaro da aka ɗaura daga baya. Mota a kashe, bayan komai ya kwanta, bai kamata ta ci fiye da kimanin miliamfiya hamsin ba.

Hukuncin ƙarshe a kan batir shi ne a kai shi a yi masa caji a hankali har ya cika, ba cajin gaggawa na awa ɗaya ba, a bar shi ya huta, sannan a sake gwajin murɗa makulli. Idan mai murafu ne, a duba ruwansa kafin caji, a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir har ya rufe farantan, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ko na leda ba. Batirin da ya cika ya nuna 12.6 amma ya faɗi ƙasa da 9.6 a kan kik mai lafiya, ko ya sauko da kansa cikin kwana ɗaya ba a jona shi da komai ba, ya gama aiki. Wajen sayen wani, ka duba lambobin da ke jikin wanda ya dace da motar, wato Ah mai nuna yawan cajin da yake ɗauka da CCA mai nuna ƙarfin wutar da yake iya ba kik a lokacin sanyi, kada ka sauka ƙasa da su, ka tabbata sandar + tana gefen da wayarka take isa ba tare da an ja ta ba, ka sa a auna shi a gabanka ya nuna aƙalla 12.5 domin batir yana lalacewa a kan kanta idan ya daɗe ba caji, sannan a ɗaure shi da maɗaurinsa a mazauninsa, saboda girgizar hanyoyinmu tana karya farantan batirin da aka bari yana rawa.